Fashin baƙi: me odita yake nufi idan ya ware wasu batutuwa daban a rahotonsa?

Shin idan ka buɗe rahoton shekara na kamfanin da kake da hannun jari a ciki, ka je shafin odita, wato mai binciken lissafin kamfani daga waje, ka tarar da wani kanu da aka rubuta Key Audit Matters, ma'ana muhimman batutuwan bincike, a ƙarƙashinsa an yi dogon bayani kan basukan da ƙila ba za su dawo ba, hakan yana nufin an kama kamfanin da rashin gaskiya ne? Ko kuwa akasin haka ne, tunda dai odita ya duba wajen kuma bai ce komai ba to shi kenan wajen ya tsarkaka?

Tambayar nan ta yawaita a Kano tun bayan da Babban Bankin Najeriya ya fito a watan Maris 2024 ya ce bankuna su ƙara jarinsu, mai lasisin ƙasa da ƙasa naira biliyan 500, mai na ƙasa biliyan 200, mai na shiyya biliyan 50. Bankuna suka bazama sayar da hannun jari, mutanenmu da yawa na Kwari da Singa da Wambai, da ma'aikata da 'yan fansho, suka saya, wasu karon farko kenan a rayuwarsu. Yanzu rahoton shekara ya fara shigo musu a waya, shafi ɗari biyu da ɗoriya duk Turanci, sai wani ya tsinci shafi ɗaya ya kai majalisa yana cewa ga shi nan odita da kansa ya tona, wani kuma ya ce ai babu komai al'ada ce kawai kowane rahoto akwai shi. Duk su biyun ba su faɗi daidai ba, kuma abin yana damuna saboda a cikin rahoton nan gaba ɗaya babu shafin da ya kai wannan amfani ga ƙaramin mai hannun jari, in dai ya san yadda aka haɗa shi.

Daga ina abin ya samo asali

A da rahoton odita bai wuce shafi ɗaya ba, kuma kusan kalmomin iri ɗaya ne ko na banki ko na kamfanin siminti: mun duba, a ra'ayinmu lissafin ya nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki. Ko ka ci ko ka faɗi, babu tsakiya. Da aka shiga rikicin kuɗi na duniya a 2008, manyan bankuna suka durƙushe alhali rahoton oditansu na baya-bayan nan fes yake, sai masu zuba jari suka fara ƙorafi cewa odita ya yi watanni a cikin kamfani, ya san inda gizo ke saƙa, ya zauna da daraktoci sun yi ta muhawara a ɗaki, amma mu da muke da kuɗin layi biyu kawai ake miƙo mana.

Birtaniya ce ta fara faɗaɗa rahoton a 2013. Daga nan hukumar da ke tsara ƙa'idojin odit ta duniya, IAASB, ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISA 701 a watan Janairu 2015, ta fara aiki kan lissafin shekarar da ta ƙare daga 15 ga Disamba 2016 zuwa sama. Najeriya da ƙa'idojin duniyar take aiki, shi ya sa daga rahotannin shekarar 2016 wannan sashe ya fara bayyana a wajenmu. Wajibi ne ga kamfanin da aka jera a kasuwar hannun jari, wato NGX, ko banki ne irin Jaiz ko masana'anta irin kamfanin fulawar nan na Bompai. Kamfanin da ba ya kasuwar ba dole ba ne a ƙa'idar, sai in doka ko mai sa ido ya buƙata ko kuma oditan ya ga dama, don haka kar ka yi mamaki in ka duba lissafin kamfanin Alhaji na iyali ba ka ga sashen ba.

Ma'anarsa a taƙaice: batutuwan da a hukuncin odita su ne suka fi muhimmanci a aikin odit na wannan shekarar, kuma dole a zaɓo su daga cikin abubuwan da ya riga ya tattauna da masu sa ido kan kamfanin. A kula da abu biyu a nan. Na farko muhimmancin ga aikin binciken ne, wato inda ya fi cin lokaci da tunani da jayayya. Na biyu na bana ne, ba a komawa a sabunta na bara.

Yadda ake tace su

Odita ba ya zama ya zaɓi abin da ya burge shi. Kamar tankaɗen gari ne da ake bi da rariya uku, kowace ta fi ta baya ƙananan ido.

Rariyar farko ita ce duk abin da ya kai gaban masu sa ido. A Najeriya galibi kwamitin odit ne, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a kamfanin jama'a mutum biyar ne, uku daga masu hannun jari, biyu daraktocin da ba sa gudanar da aikin yau da kullum. A nan ake zube komai, raunin tsarin kula da sito, kurakuran da aka samu aka gyara da waɗanda ba a gyara ba, jinkirin ba da takardu, shari'ar da ke kotu, da sauransu.

Ta biyu, a cikin waɗannan wanne ne ya buƙaci odita ya ba shi kulawa ta musamman. Ƙa'idar ta ce ya duba abu uku: wuraren da ya auna ya ga haɗarin samun babban kuskure ya yi yawa, da wuraren da adadin ya dogara kan ƙiyasin shugabannin kamfani ta yadda shi ma sai ya yi nasa hukuncin, sai kuma wani babban al'amari ko ciniki da ya faru a shekarar, kamar sayen wani kamfani ko sauyin da ya girgiza lissafi. Ta uku kuma ita ce a cikin waɗanda suka rage wanne ne ya fi, kuma wannan gwadawa ce tsakaninsu, a wannan kamfanin a wannan shekarar. Babu adadin da aka yanka. Ƙa'idar dai ta nuna cewa abu ne mai wuya a ce kamfanin da ke kasuwa ba shi da ko ɗaya, sannan in jerin ya yi tsawo to ya kauce wa manufar, don ba zai yiwu abu goma duk su zama su ne suka fi ba. In kuwa da gaske babu, dole a bar kanun a rubuta cewa babu.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe

Wannan misali ne na ƙirƙira don bayani, ba wani kamfani nake nufi ba. A ce kamfanin taliya ne a Sharaɗa, yana kasuwar hannun jari, shekararsa tana ƙarewa 31 ga Disamba. Ribarsa kafin haraji naira biliyan 4. Tun farkon aiki odita yana yanka wani adadi da zai ce kuskuren da ya kai nan zai iya canza shawarar mai karatu. Da yawa kan ɗauki kusan kashi 5 cikin ɗari na riba kafin haraji, al'adar aiki ce ba doka ba, to a nan ya zama miliyan 200. Riƙe wannan adadin, da shi za a auna komai.

Abubuwan da aka kai gaban kwamiti sun haɗa da alkamar da ke sito ta biliyan 9, da bashin da kamfani yake bin diloli biliyan 6, da wata ƙarar tsohon ma'aikaci ta miliyan 15, da gano cewa akawu ɗaya ne yake shigar da rasit kuma shi ne yake amincewa da shi.

Ƙarar miliyan 15 ta faɗi tun a rariya ta biyu, ko an yi asararta duka ba ta kai ko'ina ba. Maganar akawu an rubuta wa shugabanni su gyara, odita ya ƙara yawan rasitan da ya duba, ba a ga ɓarna ba, ita ma ta tsaya a nan. Saura alkama da bashi, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa, don kowa zai ce ai alkamar ce ta fi tunda ita ce biliyan 9. To amma alkama ana iya zuwa a gan ta. Ranar ƙidaya yaran odita suka je da takalman sito da takunkumi, aka auna, aka gwada da katin sito, aka ɗauko takardun shigo da kaya aka ga farashin saye, aka duba farashin da ake sayar da taliya a Janairu aka ga ya fi kuɗin da aka kashe. Aiki ne mai yawa amma babu wani dogon hukunci a ciki, ko akwai buhu ko babu. Da a ce alkamar ta fara lalacewa ko farashin kasuwa ya karye ƙasa da na saye, da labari ya sha bamban, don a lokacin sai an yi ƙiyasin nawa za a rage mata daraja.

Bashi kuwa ba a ganinsa a sito. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi, dila ya ɗauki tirela biyu a kan zai biya bayan sati uku, shi ma ya rarraba wa na ƙasa da shi bashi, na Maraɗi da na Gaidam da na Azare, in na ƙasa bai kawo ba shi ma ba zai kawo ba. Ƙa'idar lissafi ta IFRS 9, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2018, ta ce ba za ka jira sai dila ya gudu sannan ka rubuta asara ba, tun yanzu za ka ƙiyasta abin da kake tsammanin ba zai dawo ba ka cire shi daga riba. Sai shugabannin kamfanin suka kasa biliyan 6 ɗin gida uku. Wanda bai wuce kwana 30 ba biliyan 3.5 ne, suka ware masa kashi 1, miliyan 35 kenan. Na kwana 30 zuwa 90 biliyan 1.3, kashi 5, miliyan 65. Wanda ya haura kwana 90 biliyan 1.2, suka ware kashi 25, miliyan 300. Jimilla miliyan 400.

Yanzu dubi gida na uku da kyau. Waye ya ce kashi 25 ne? Shugabanni ne suka ce, kuma su ɗin ne ake auna ƙoƙarinsu da ribar da za a bayyana. In gaskiyar ita ce kashi 45, abin warewa ya koma miliyan 540, bambancin miliyan 240 ne, ya haye miliyan 200 ɗin da aka yanka. Wato canjin ra'ayi a kan lamba ɗaya tak ya isa ya sa lissafin ya zama mai babban kuskure, ba tare da kowa ya saci ko kwabo ba. Wannan shi ne ainihin abin da yake sa batu ya tsallake rariya ta uku: adadi babba, wanda yake tsaye kan zato, kuma zaton yana iya karkata.

Me odita zai yi a kai? Zai fara da gwada ko kason ma daidai ne, ya ɗauko samfurin takardun kaya ya duba ranar da aka fitar da su, don dabarar da aka fi yi ita ce tsohon bashi a sake masa takarda ya dawo sabo. Zai aika wa diloli wasiƙa kai tsaye su tabbatar da abin da ake binsu, amsar ta dawo hannunsa ba ta hannun kamfani ba. Zai buɗe bayanan banki na Janairu da Fabrairu ya ga waye ya biya bayan rufe shekara, wannan hujja ce mai ƙarfi don kuɗin da ya shigo ba ya buƙatar muhawara. Zai koma shekarun baya ya ga bashin da ya wuce kwana 90 nawa ne daga ciki ya dawo a zahiri, sannan ya tambaya ko an yi la'akari da halin da ake ciki na tsadar kaya da karyewar jarin diloli, tunda ƙa'idar ta ce a dubi gaba ba baya kaɗai ba.

A misalinmu sai aka samu wani dila ɗaya da aka sake wa jadawalin biyan miliyan 200 aka saka shi a gidan farko alhali bashin ya yi wata biyar. Da aka mayar da shi gida na uku, abin ware masa ya tashi daga miliyan 2 zuwa miliyan 50. Shugabanni suka yarda suka gyara, jimilla ta koma miliyan 448. Tarihin biya kuma ya nuna kashi 25 ɗin yana cikin abin da hankali zai ɗauka. Odita ya ba da ra'ayi mai tsabta, wato ya amince da lissafin babu togaciya, kuma duk da haka bashin diloli ya fito a matsayin muhimmin batu, saboda nan ne aka sha wuya.

Abin da dole a rubuta

Sashen yana farawa da wata gabatarwa da ba ta canzawa, cewa an duba waɗannan batutuwa ne a cikin binciken lissafin gaba ɗayansa, kuma odita ba ya ba da ra'ayi na daban a kan kowanne. Mutane suna tsallake wannan layin alhali shi ne amsar rabin tambayarmu, don yana gaya maka cewa ba takardar shaida aka ba wa bashin diloli shi kaɗai ba.

Daga nan kowane batu da ƙaramin kanunsa, kuma abu uku ne dole. A faɗi dalilin da ya sa aka ɗauke shi cikin mafiya muhimmanci. A faɗi yadda aka tunkare shi a binciken. A nuna lambar bayanin da ke cikin lissafin inda kamfani da kansa ya yi magana a kai, in akwai. Galibi za ka ga shafin an raba shi biyu, hagu dalili, dama aikin da aka yi.

A misalinmu rubutu mai kyau zai ce bashin diloli ya kai biliyan 6, an ware miliyan 448, biliyan 1.4 daga ciki ya wuce kwana 90, kuma adadin da aka ware ya dogara ne kan zaton shugabanni game da abin da zai dawo daga wannan kason, sannan ya lissafo gwajin ranakun takardu da wasiƙun diloli da kuɗin da ya shigo bayan shekara. Rubutu mara amfani kuwa zai ce bashi abu ne mai girma da ke buƙatar hukunci, mun fahimci tsarin kamfani, mun gwada samfuri, mun duba bayanai. Wannan na biyun za ka iya cire shi ka manna a rahoton kamfanin fenti ko na magani ba wanda zai gane, kuma ni a wajena duk wanda ya rubuta haka ya cika harafin ƙa'ida ne ya bar mai hannun jari a inda ya same shi.

Akwai abu ɗaya da ƙa'idar ba ta wajabta ba, kuma ya kamata a sani: faɗin sakamako. Odita yana iya cewa mun ga ƙiyasin yana cikin abin da ya dace, yana kuma iya lissafo aikin da ya yi ya yi shiru. Wasu suna faɗa wasu ba sa faɗa, saboda tsoron kar a ɗauka ra'ayi ne na daban. Don haka shirun ba alamar an ga wani abu an ɓoye ba ne.

Sannan ba a so odita ya zama shi ne mai fara fitar da labarin kamfani da kamfanin bai fitar ba. Ba zai rubuta sunan dilan nan ba, ba zai ce wane ne ya kusa karyewa ba. In ya ga bayanin yana da muhimmanci sai ya matsa wa shugabanni su saka a nasu bayanan, shi kuma ya yi nuni zuwa can. Barin batu gaba ɗaya kuwa hanya biyu ce kawai, ko doka ta hana bayyana shi, kamar abin da zai iya ɓata binciken hukuma, ko kuma wani yanayi da ba kasafai ake samu ba inda illar faɗa ta rinjayi amfanin jama'a. Jin kunyar shugabanni ko tsoron faɗuwar farashin hannun jari kaɗai ba su isa hujja ba.

Inda hatsarin gaske yake

Mu koma kan kashi 25 ɗin. A ce hujjojin da odita ya tara sun nuna ƙarara kashi 45 ne daidai, shugabanni kuma suka ƙi gyarawa. Kuskure ya haye abin da aka yanka. A nan ba shi da ikon ya lallaɓa ya saka maganar cikin muhimman batutuwa ya ba da ra'ayi mai tsabta, ƙa'idar ta hana a fili. Dole ya taɓa ra'ayin kansa, ya ce lissafin daidai ne in ban da wannan, ya yi bayani a sashen da za ka ga an rubuta Basis for Qualified Opinion. In ɓarnar ta game lissafin to ra'ayin ya zama na ƙin amincewa ɗungurungum.

Haka in akwai babban shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da rayuwa, shi ma yana da kanunsa daban, Material Uncertainty Related to Going Concern. Waɗannan biyun a ɗabi'arsu muhimman batutuwa ne, amma ba a binne su a cikin jerin, ana fito da su inda ido zai gani, a sashen muhimman batutuwan sai dai a yi nuni zuwa gare su. In kuma odita ya ce ya kasa ba da ra'ayi sam saboda bai samu hujjoji ba, to ba ma zai kawo sashen muhimman batutuwa ba, don kar ya ba wa wani ɓangare na lissafin kwarjinin da bai samu ba.

To kun ga mai cewa an tona asiri ya yi kuskuren shafi. In kana neman ƙararrawa, sakin layi na farko na rahoton za ka duba, wajen ra'ayi, da waɗancan kanun biyu. Shi kuma mai cewa al'ada ce kawai ya yar da abin da aka ba shi kyauta, don an nuna masa daidai wurin da ribar da ake raba masa take tsaye a kan zato.

Masu so da masu ƙorafi

Shugabannin kamfanoni da yawa ba sa son sashen, kuma ba a rasa dalili ba, suna ganin duk abin da aka ware jama'a za su karanta shi a matsayin zargi, irin abin da muke gani a majalisu yanzu. Su kuma oditoci suna tsakanin wuta biyu, kamfanin da suke bincika shi ne yake biyansu, in suka yi bayani dalla-dalla a ɓata da mai biya, in kuma abu ya lalace daga baya kowace kalma za a iya ɗauko ta a kotu ko gaban hukumar FRC mai sa ido kan rahoton kuɗi. Mafita mai sauƙi ita ce a rubuta abin da ba ya cewa komai a riƙa maimaita shi duk shekara. Wannan ne babban ciwon sashen, ba a Najeriya kaɗai ba.

Amma ko da hakan ni ina ganin ya yi amfani, musamman a cikin ɗakin kwamiti. Manajan kuɗi da ya san cewa kashi 25 ɗinsa zai fito a shafin da kowa zai karanta ba zai yanke shi da ka ba, sai ya tanadi hujja. Wakilan masu hannun jari uku da ke kwamitin su ma sun samu abin riƙewa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a yi wa oditoci adalci a kai. Maimaituwar batu ba laifi ba ce a karan kanta. Banki sana'arsa ba da bashi ce, don haka ƙiyasin asarar bashi zai fito bana ya fito baɗi, kuma daidai ne. A bankin ma abin ya fi na kamfanin taliya sarƙaƙiya, don bashin hawa uku ake kasa shi, mai lafiya ana ware masa asarar wata 12, wanda haɗarinsa ya ƙaru sosai da wanda ya riga ya lalace ana ware musu ta tsawon rayuwar bashin, kuma matsar da babban bashi ɗaya daga hawa na farko zuwa na biyu yana iya cinye riba mai yawa. Abin dubawa shi ne ko bayanin ya motsa da shekarar. Shekarar 2023 da aka saki naira a watan Yuni, kamfanoni masu bashin dala irin su MTN Najeriya da Nestle Najeriya suka bayyana asara mai nauyi ta canjin kuɗi, ba shekara ce irin ta gabanta ba. Rahoton kamfani mai bashin waje ko mai bin diloli da aka rubuta a irin wannan shekarar da kalmomin bara ba tare da an canza komai ba sai lambobi, ya cancanci a tambayi wanda ya sa masa hannu, kuma sunansa yana nan a ƙasan rahoton don ƙa'ida ta wajabta bayyana sunan babban oditan da ya jagoranci aikin a kamfanonin kasuwa.

Yadda mai ɗan hannun jari zai yi amfani da shi

Ba sai ka zama akanta ba. Ka fara da ra'ayi ka tabbatar babu togaciya. Sannan ka je muhimman batutuwan ka ɗauki lambar bayanin da aka nuna, ka bi ta cikin lissafin, a can ne za ka ga teburin da ya kasa bashin da abin da aka ware wa kowane kaso, na bana da na bara gefe da gefe. A misalinmu in ka ga bashin da ya wuce kwana 90 ya tashi daga miliyan 700 bara zuwa biliyan 1.4 bana, amma kason da ake warewa ya sauka daga 35 zuwa 25, to ka samu tambayarka, kuma tambaya ce da ba a amsa ta da dogon Turanci.

Ka kuma ajiye rahoton bara kusa da na bana ka ga wane batu ne ya shigo, wanne ya fita. Odita ba dole ba ne ya yi bayanin dalilin fitar batu, don haka in na bara ya ɓace, kai ne za ka tambaya. Wurin tambayar shi ne babban taron shekara, inda odita yake halarta kuma shugaban kwamitin odit yake gabatar da nasa rahoton, wasu kamfanoni ma ta waya ake shiga taron, kana shagonka a Kwari za ka iya ɗaga hannu. Maimakon a tsaya kan nawa za a raba na riba kawai, sai ka ce ranka ya daɗe, a shafi kaza odita ya ware bashin diloli, a bayani mai lamba kaza mun ga tsohon bashi ya ninka amma abin da aka ware masa a kaso ya ragu, nawa ne daga cikin biliyan 1.4 ɗin nan ya shigo asusun kamfani daga Janairu zuwa yau?